Jimlar da Ta Ƙi Shiga Shafi Ɗaya

Aikina a ofishin lafiya na gari shi ne in karɓi rubutun da masu ilimi suka dunƙule, in warware shi yadda wanda ya tsaya a aji uku zai karanta ya gane. Shekara tara ke nan ina wannan aiki, a wani ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai kuka, kuma har yau akwai masu zaton aikin yara ne. Su a ganinsu cire manyan kalmomi ake yi a sa ƙanana, shi ke nan. Da haka ne da ban yi furfura ba tun ban kai arba'in ba.

Ranar Litinin shugaban sashenmu ya shigo ya ajiye mini takarda a kan tebur. A bayan idonsa Shafi Ɗaya muke kiransa, domin duk abin da ka kai masa, ko labarin rasuwar kakarka ne, zai ce ka mayar da shi shafi ɗaya.

"Malama, ga taƙaitaccen rahoton ruwan unguwar bayan gonaki," in ji shi. "Likitar ruwa ta matse shafi arba'in ya koma sakin layi uku. Ki sauƙaƙa mana. Ranar Alhamis za ta zo ta sa hannu, Juma'a a buga. Shafi ɗaya."

A wannan unguwar ƙanena yake zaune da matarsa da jaririyarsu 'yar wata biyu.

Sakin layi na farko ya ce an gwada rijiyoyi an sami sinadarin naitiret fiye da ƙima, daga takin gonaki da masai. Na uku ya ce an ajiye tankunan ruwa a bakin makaranta da bakin asibiti. Na tsakiya shi ne ya tsaya mini a wuya: "Ruwan bai dace da amfanin jarirai 'yan ƙasa da wata shida ba, kuma matakan tsaftacewa na gida da aka saba ba su wadatar ba, don haka a nemi madadi."

Kowace kalma a ciki na santa, amma da na tambayi kaina me uwa za ta yi da hannunta bayan ta karanta, sai na rasa amsa. Waɗanne matakai? Tacewa da ƙyalle? Sa magani? Tafasawa? Wanda bai san abin da aka dunƙule ba ba zai iya warware shi ba. Na tashi na je ɗakin ajiya na ɗauko cikakken rahoton, na zauna da shi har azahar. A shafi na ashirin da bakwai na iske abin. Tafasawa ba ta cire wannan sinadari. Ruwa ne ke tashi ya bi iska, sinadarin ya zauna a tukunya, ya ƙara ƙarfi a ragowar. Ƙyalle ba ya tare shi, maganin ruwa ba ya kashe shi, kuma ba shi da launi ko wari. Jaririn da aka dama wa madara da shi, jininsa na iya kasa ɗaukar iska, leɓɓansa su yi shuɗi-shuɗi.

Mu kuwa shekara da shekaru muna manna wa mutane takarda a bango cewa su tafasa ruwa. Rabin waɗannan takardun ni na rubuta su da hannuna.

Na rubuta nawa. Jimla gajere, magana ɗaya a kowane layi, a faɗi wa zai yi me. Ya cika gaba da bayan takarda, domin rubutu mai sauƙi ya fi dunƙulalle tsawo, abin da Shafi Ɗaya ya ƙi yarda da shi tun da na san shi. A tsakiya na sa da manyan baƙaƙe: "Kada ki tafasa ruwan rijiya don jariri. Tafasawa ba ta gyara shi."

Da na kai masa, ya karanta a tsaye, ya zaro jan biro.

"Ina kalmar tafasawa a takardar da na ba ki?"

"Tana cikin babban rahoto, ranka ya daɗe, shafi na ashirin da bakwai."

"Ba babban rahoto na ba ki ba. Aikinmu sauƙaƙawa ne, ba ƙari ba. Kuma ki yi tunani, Malama. In mutane suka ga hatiminmu a kan kalmar kada a tafasa, gobe kowa ya daina tafasa kowane ruwa. In amai da gudawa suka ɓarke, wa za a kama? Ke ko ni?"

Ba zan yi masa ƙarya ba, tsoronsa yana da tushe. Amma maganin tsoron shi ne a rubuta da kyau, ba a yi shiru ba. Bai tsaya sauraro ba. Ya ja layi a kan jimlata, ya rubuta tasa: "Ruwan rijiya ba shi da kyau ga jarirai. Hanyoyin tsaftace ruwa na gida ba su isa ba. A yi amfani da madadi." Ya datse nan, ya datse can, takarda ta koma shafi ɗaya, fuskarsa ta washe.

"Ki kira mutanenmu a gwada," ya ce.

Ƙa'idar ofishinmu mai kyau ce, a takarda. Kafin a buga komai sai an ba mutum biyar masu ƙaramin karatu sun karanta. Mai gwaji ba ya bayani, ba ya gyara murya, ba ya ɗaga gira. Tambaya uku zai yi, in huɗu cikin biyar suka amsa daidai, rubutu ya wuce. Matsalar ita ce tun da na fara aiki mutum biyar ɗin ba su taɓa canzawa ba: maigadi, direba, masinja, mai shayin bakin ƙofa, da Inna mai shara. An fara da su ne don suna kusa, aka zarce da su don an saba. Shekara tara suna karanta takardunmu, har bakinsu ya kama yaren ofis. Na taɓa jin maigadi yana ce wa matarsa a waya ya kamata su zauna da masu ruwa da tsaki a kan maganar akuya.

Aka jera su a benci ranar Talata da safe. Shugaba da kansa ya tsara tambayoyin. Ruwan yana da kyau ga jarirai? A'a. Hanyoyin gida sun isa? Ba su isa ba. Me za a yi? A nemi madadi. Biyar cikin biyar. Inna mai shara har da ƙarin bayani, wai matakin gaggawa ne na kare lafiyar al'umma. Shugaba ya tura mini takardar gwaji in sa hannu a matsayin marubuciya. Na ce birona ya ƙare, zan sa gobe. Biro uku ne a jakata.

Da aka tashi aiki na wuce gidan ƙanena. Matarsa, wadda har yanzu Amarya muke ce mata, ta koma aiki a kamfanin ɗinki, ruwan nononta kuma bai isa ba, sai ana haɗa wa jaririya da madarar gwangwani. Na iske ta a tsakar gida, tukunya a kan risho tana tafasa, jarkar rijiya a gefe. A bangon ɗakinta ga takardarmu ta bara, mai hoton tukunya da tururi, ta manna da fil huɗu.

Ban yi mata bayani ba. Na miƙa mata takardar shugaba na ce ta karanta. Aji huɗu ta tsaya, karatunta da yatsa ne, leɓe yana motsi. Ta ɗauki lokaci, ni kuma na cije harshena.

"To, me za ki yi?" na tambaya.

"Ai ina yi, Yaya. Sun ce ruwan ba shi da kyau, kuma yadda muke yi bai isa ba. Sai in ƙara daɗewa. Da in ya tafaso nake saukewa, yanzu sai in bar shi ya ƙone sosai."

"Madadi fa?"

"Wani magani ne? A asibiti ake bayarwa?"

Nan na karya ƙa'ida, don jaririyar jinina ce. Na gaya mata komai, na kashe risho da hannuna, na sa ƙanena ya ɗauki jarka biyu ya tafi tanki. Ta kalle ni cikin ladabi, irin ladabin da ke nufin ba a yarda ba.

"Yaya, ba musu nake ba," ta ce, "amma ga takardarku can a bango, da hatimi, ta ce a tafasa. Wannan sabuwar ma ba ta ce a daina ba. Tankin yana da nisa, kuma layi ne kamar me. Yau zan yi don ke. Amma in da gaske ne, ai da sun rubuta."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da ita ba. Gaskiyarta ce. Mu muka koya mata ta yarda da hatimi, ga shi ta yarda. Kuma ni ba zan iya zama gadin tukunyarta kullum ba, balle tukwanen gida ɗari shida.

Ranar Laraba ban shiga ofis ba sai la'asar. Na je asibitin unguwar, wurin da mata ke layin rigakafi, na roƙi ma'aikaciyar jinya ta ba ni benci a gefe. Mata biyar na ba takardar shugaba, ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta ji amsar wata. Tambaya ɗaya kawai nake yi: in kin koma gida, me za ki yi da ruwan jaririnki? Huɗu suka ce tafasawa. Ta biyar ta ce za ta tace sannan ta tafasa.

Sai na ba wasu biyar tawa, ina ji da kaina. Ta biyu ta ajiye takardar ta yi dariya. "Ashe an daina tafasa ruwa! Madalla, kalanzir ya huta." Kunya ta kama ni har kunnena. Tsoron Shafi Ɗaya ne ya zauna a gabana da goyo a baya. Na fara da abin da ba za a yi ba, na bar abin da za a yi a ƙasa, inda ido ya riga ya gaji. Na ɗora wata takarda a kan cinyata na sake tsari, farkonta ya koma haka:

"Wannan magana ta jariri ce, wanda bai kai wata shida ba.
Ki ɗebo masa ruwa a tanki. Tanki yana bakin makaranta da bakin asibiti.
Ki tafasa ruwan tanki kafin ki haɗa masa madara.
Kada ki ba shi ruwan rijiya, ko kin tafasa.
Akwai abu mai cutarwa a ruwan rijiya. Ba ya ganuwa. Wuta ba ta kashe shi. In kin tafasa, ƙara ƙarfi yake yi.
Nononki ba shi da matsala. Ki ci gaba da shayarwa.
Wanka da wanki da ruwan rijiya ba komai.
In leɓɓan jariri suka yi shuɗi, ko numfashinsa ya yi wuya, ki kai shi asibiti nan take."

Na nemi wasu biyar sababbi. Dukansu suka ce tanki, kuma a tafasa na tanki. Wata ma ta tambaya ko za ta iya tafiya da takardar, na ce ta yi haƙuri, ita kaɗai gare ni.

Shugaba ya ga sakamakon da yamma, bai ko zauna ba. "Wa ya aike ki? Gwajin ofis ya wuce, biyar cikin biyar. Ki sa hannu, ko in rubuta miki takardar tuhuma."

"Ka rubuta, ranka ya daɗe. Hannuna dai ba zai hau wannan ba."

Ranar Alhamis likitar ruwa ta zo. Mace ce siririya mai tabarau, kullum cikin sauri, kuma aikinta a nan shi ne ta duba ko sauƙaƙawa ta canza ma'ana. Ta karanta ta shugaba ta gyaɗa kai. Ba ƙarya a ciki, duk abin da ya rubuta daidai ne. Ta buɗe biro. Daidai lokacin Inna mai shara ta shigo da bokiti za ta goge ƙasa.

"Likita, kafin ki sa hannu, ki ba ni minti biyu," na ce. "Ga ɗaya daga cikin waɗanda suka ci gwajin."

Shugaba ya harare ni, amma ya ga dama ce ta nuna aikinsa. Ya miƙa wa Inna takardar. Ta goge hannu a zani, ta karanta ba gargada.

"Inna, me takardar ke cewa?" ya tambaya.

"Tana cewa matakan gida ba su wadatar ba, a nemi madadi, ranka ya daɗe."

Ya juyo ya dube ni kamar wanda ya ci gasa. Ni kuwa na san Inna a bayan gonaki take, kuma 'yarta ta haihu wata uku da suka wuce ta bar mata rainon rana.

"Inna," na ce, "bar takarda. Jiya da kika koma gida, da wane ruwa kika dama wa jikanki madara?"

"Na rijiya mana, 'yar nan. Amma kada ki damu, tun ranar Talata da na karanta wannan nake barinsa a wuta har sai ya koma rabi."

Likitar ruwa ta ajiye biro a hankali. Ta cire tabarau. "Har ya koma rabi?"

"Rabi cif, Likita. Ni ba na wasa da umarnin ofis."

Likita ta tashi ta kama hannun Inna ta zaunar da ita a kujerarta, ta yi mata bayani da kalmomin da ba ta taɓa sa wa a rahoto ba, ta ce a kai yaron asibiti yau a duba shi. Ina kallon fuskar Inna tana sauyawa. Ba kuka ta yi ba. Ta juya ta fuskanci shugaba, mutumin da shekara tara ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba.

"Ranka ya daɗe, kai ka san haka?"

"Inna, takardar ta ce hanyoyin gida..."

"Na san abin da ta ce, ai na haddace. Shekara nawa kuna zaunar da ni a benci kuna tambaya ta abin da takarda ta ce? Ko sau ɗaya wani ya taɓa tambaya ta abin da zan yi? Ku ne da ilimi, ni ce da tukunya. Daga yau kada a ƙara kira na gwaji. Ku nemi aku."

Ta bar bokitin a tsakiyar ɗaki ta fita, ba ta rufe ƙofa ba.

Na tura wa likita tawa takardar da sakamakon asibiti. Ta karanta sau biyu. Ta gyara wuri ɗaya, ta ce in ƙara da harshe da farce bayan leɓɓa, don a jikin wasu jariran a wuraren nan aka fi ganin shuɗin. Sannan ta sa hannu.

"Amma shafi biyu ne," in ji shugaba, da murya ƙasa-ƙasa.

"Takarda tana da baya," in ji likita, ta ɗauki jakarta.

Aka buga ranar Juma'a. Jikan Inna an duba shi, an ce an yi sa'a, Allah ya tsare. Ni kuma kafin a tashi aiki masinja ya kawo mini ambulan. Sakin layi ɗaya ne, a dunƙule, shafi ɗaya: bisa la'akari da saɓa wa tsarin aiki da gudanar da gwaji ba tare da sahalewa ba, an sauya mini wurin aiki zuwa ɗakin ajiyar fayil har sai abin da hali ya yi. Masinja ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Malama, me suke nufi?"

"Suna nufin na yi daidai, sun ji haushi, in tafi can inda ba za su riƙa ganina ba."

"Af, to me ya hana su ce haka?"

Na ji zafin abin, ba zan ɓoye ba. Teburin nan na shekara tara ne, kuma ina son aikina. Amma na kwashe biro ukuna da kofin shayina ban roƙi kowa ba. Ɗakin ajiya ma ai nan cikakkun rahotanni suke, kuma duk wanda aka ba teburina sai ya zo wurina neman shafi na ashirin da bakwai.

Na ɗauki sabuwar takarda ɗaya, mai hatimi, tawada ko bushewa ba ta gama yi ba, na nufi gidan ƙanena. Abin da na ji tsoro shi na iske. Jarkokin tanki sun ƙare tun jiya, ga ta rijiya a buɗe, ga tukunya a kan risho. Amarya ta gan ni ta sunkuyar da kai.

Na miƙa mata takardar na zauna a kan tabarma na ɗauki jaririyar, na duba leɓɓanta da farcenta, na ga lafiya. Amarya ta fara duba hatimin, sannan ta sa yatsa a layin farko. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta juya baya, ta kai ƙarshe. Ta koma layi na huɗu ta sake karantawa da ƙarfi. Ruwa yana ta tafasa a bayanta, ni kuma na riƙe bakina kamar yadda ƙa'ida ta ce.

"To, me za ki yi?" na tambaya.

Ta tashi ta kashe risho, ta kama tukunyar da tsumma, ta juye ruwan a bahon wanki. Ta shiga ɗaki ta zare fil biyu daga tsohuwar takarda ta manna sabuwar a gefenta, daidai tsayin ido. Sannan ta ɗauki jarka a kowane hannu, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya, riƙe mini ita in je in dawo. Ki ba ni takarda ɗaya kuma in akwai, matar gidan can tagwaye gare ta."

"Ita ke nan na zo da ita."

Ta ajiye jarka ɗaya, ta koma ta cire sabuwar takardar daga bango, ta ninke ta ta soke a zani.

"Ba komai," ta ce. "Ni na riga na gane."